Mangaza cike da wake, hannu wayam: na karye ne ko kuwa?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina neman shawara, barci ya ƙaurace mini. Ni ke riƙe da kasuwancin hatsi da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Shi ya fara tun yana auna gero da tiya a kasuwar Cadawa, ni kuma ya cire ni daga lakwal ya zaunar da ni bakin sikeli, duk da kawunmu bai so ba, har yau ba ma ga maciji da shi. Da kaka na sayi wake buhu 1,200 a kan jikka 25 kowane, miliyan 30 ke nan. Ina da kamyo na miliyan 18, filaye biyu na miliyan 10, ina bin mutane miliyan 14, a hannu kuma miliyan ɗaya da rabi. Duka miliyan 73 da rabi. Ana bina miliyan 20 kacal: 12 na banki, 8 na wani Alhaji da ke ba ni kaya. To na bankin nan da kwana 20 za a biya, wake kuma ya faɗo jikka 22. Ma'aikacin banki har yana ce mini kada in bari a kai ga kotu. Mai dukiyar da ta ninka bashinsa sau uku ya karye? Ga maƙwabcina kullum yana ƙirga damman kuɗi, ni da na fi shi kaya ina rarraba ido.

Lawali Direba: Wa alaikumus salam. Banki dai! Ni ma haka suka yi mini da motata, saura wata biyu in gama biya suka aiko takarda. Kada ka ɗaga musu waya, za su gaji.

Malam Isuhu Kontabul: Lawali, rashin ɗaga waya ne ke sa takarda ta zo da wuri. Ƙanena, tambaya biyu ce ka haɗa wuri guda. Ta farko: in an sayar da duk abin da ka mallaka, zai biya duk wanda ke binka har a samu saura? Ta biyu: ranar da wa'adi ya cika, akwai tsabar kuɗin da za ka miƙa? Mutum na iya cin ta farko ya faɗi ta biyu, kuma banki ta biyun yake tambayarka, don ba ya karɓar wake.

Mu fara da ta farkon, don lissafinka na farashin saye ne, ba na sayarwa ba. Wake a jikka 22 miliyan 26 ne da ɗoriya, in kuma ka zuba buhu 1,200 a kasuwa lokaci guda dillalai za su gane a matse kake, ka sa jikka 20, miliyan 24. Kamyon yaushe ka saye shi, nawa za a taya yau? Filayen da takarda? Miliyan 14 ɗin nan su wa kake bi, tun yaushe, kuma da wane kuɗi aka yi cinikin?

Ɗan Mokoyo: Malam, kamyon lafiyarsa lau, an taya miliyan 11 na ƙi. Fili ɗaya da takardarsa, ɗayan akwai ƴar magana da magadan wanda ya sayar mana, amma namu ne. Biyar na ƴan kiri ne a nan gari, suna biya kaɗan-kaɗan. Taran wani mutumin kirki ne a Dawanau, tun farkon 2023, da naira muka yi. Rufe iyaka ne ya taɓa shi, ba zai ci mini ba.

Malam Isuhu Kontabul: Ban ce zai ci maka ba. Ko da ya biya ka har sisin ƙarshe, nairar da kuka yi ciniki da ita ba ita ce ta yau ba. An sakar wa kasuwa farashinta a watan Yunin 2023 ta faɗi, ta sake faɗuwa a farkon 2024. Ka kai adadin wurin ƴan canji su juya maka shi sefa, ina zaton abin da za su faɗa bai wuce miliyan 4 ba. A littafinka har yanzu tara ce, kuma biyar ta tafi ba tare da kowa ya sace ta ba.

To mu sake ɗorawa: wake 24, kamyo 11, filin da ke da takarda 5, mai rigimar ban sa shi ba don ba mai sayen shari'a, Dawanau 4, ƴan kiri 4 don ba a rasa wanda zai ɓace, hannu ɗaya da rabi. Miliyan 49 da rabi. A kan bashin 20, ba ka karye ba, da sauranka sosai. Sai dai ka ce mahaifinku ya bari. An raba gado?

Hajiya Rabi mai atamfa: Yauwa Malam, ita nake jira. Mu mata kullum haka ake mana, "kuɗinki na cikin kasuwa ana juya miki", shekara goma ba ka ga uwa ba ka ga riba. Yayana haka ya yi da rabona har ya rasu, yanzu ƴaƴansa na ce mini ba su san zancen ba.

Ɗan Mokoyo: Hajiya, ni ban ci haƙƙin kowa ba. An raba a gaban malamai, ƙannena mata uku rabonsu miliyan 15, su da kansu suka ce in riƙe, ba riba muka yi da su ba, ajiya ce. Wannan ai ba bashi ba ne, gida ne. Akwai kuma miliyan 6 da wani ya ba ni kafin alƙalami na aya da zan kai masa, shi ma ba bashi ba ne, ciniki ne.

Malam Isuhu Kontabul: Duk abin da wani zai iya zuwa ya ce ba ni, ka kuma san sai ka ba shi, bashi ne. Ayar tana mangaza? In babu, da kuɗi za ka saye ta, shidan kuma ka riga ka zuba su cikin wake. Ashe 41 ake binka. Tsakanin 49 da rabi da 41, abin da yake naka na kanka miliyan 8 da rabi ne. Kana tsaye, amma ba yadda kake zato ba.

Maƙwabcin naka kuwa, kada damman su ruɗe ka. Na taɓa riƙe littafin wani mai sayar da siminti da rodi, ba zan faɗi suna ba. Masu gini, musamman ƴan ci-rani, suna ajiye masa kuɗi tun kafin su fara aiki. Akwatinsa bai taɓa bushewa ba, duk wanda ya zo karɓa ana sallamarsa nan take, shi ya sa ake ta yarda da shi. Da na tattara takardun, simintin da ya karɓi kuɗinsa ya ninka wanda ke mangaza da wanda kuɗin hannunsa za su iya saye, don farashi ya tashi bayan ya karɓi kuɗin, ya kuma yi gida da wasu. Kuɗin Musa yake sayen simintin Isa da su. Mutumin nan ya daɗe da karyewa, amma ba wanda ya gani, har shi kansa, saboda bai taɓa kasa biyan kowa ba. Da sabbin masu ajiya suka ragu a damina ɗaya, cikin makonni aka rufe shagon. Alamar irin wannan ita ce kuɗin da ke shigowa na alkawari ne, ba na kayan da aka riga aka miƙa ba.

Mamman Sani: Ni dai a ganina duk wanda ya kasa biya ranar biya ya karye, magana ta ƙare. Haka doka ta ce, na ji a bakin lauya.

Malam Isuhu Kontabul: Rabin gaskiya ka ji. Dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke aiki da ita ba ta auna filaye da motoci. Tana duba bashin da wa'adinsa ya cika, da abin da ke hannu wanda za a iya biya da shi nan take. In na biyun ya gaza, an shiga halin tsayar da biya, kuma ana son ɗan kasuwa ya sanar da kotu cikin kwana 30. Shi ya sa mai dukiya ma ke iya tsintar kansa gaban alƙali. Amma tun gyaran 2015 an rubuta cewa in masu bin bashi sun ɗaga maka wa'adi yadda za ka iya biya, ba a lissafa ka cikin halin. Don haka ƙanena, ka je banki tun yanzu da takardar yawan kayanka, ka nemi a raba maka 12 ɗin, a rubuce. Kafin wa'adi roƙo ne, bayansa kuwa tarar jinkiri ta fara hawa.

In sun ƙi, ga lissafi. Kana da ɗaya da rabi, ka matsa wa ƴan kiri su kawo 2, saura 8 da rabi. Buhu 400 a jikka 22 miliyan 8 da jikka 800 ne. Ka fitar da su kashi-kashi cikin kwanakin nan. Hasararka jikka 3 a buhu, miliyan ɗaya da jikka 200, ka wuce wurin da buhu 800 a hannu.

Ɗan Mokoyo: In sayar da faɗuwa? Malam, shekara nawa ina wannan harka, wake ba ya kwana ƙasa, da bazara sai ya tashi. Akwai wanda ya ce zai ba ni takwas da rabin, in riƙa ɗora masa kashi 10 cikin 100 duk wata, har in sayar.

Malama Zainabu: Subhanallahi, wannan ai riba ce tsagwaronta. Na bankin ma da ka tambayi malamai tun farko. Ka sayar da kamyon ka huta.

Lawali Direba: A'a Malama, kamyon shi ke kawo na cefane kullum. Wanda ya sayar da mota sai ya dawo yana haya da tsada. Ni na ce ya kai filin jingina.

Malam Isuhu Kontabul: Jinginar fili a banki ba aikin kwana 20 ba ne. Kai kuma ƙanena, ko an ajiye maganar haram gefe, ka ƙirga. Jikka 850 duk wata, wata huɗu miliyan 3 da jikka 400. Ka raba a kan buhu 400 ɗin da kake ƙin sayarwa, jikka 8 da rabi ke nan kowane buhu. Sai wake ya wuce jikka 30 kafin ka yi daidai da wanda ya sayar yau a 22, ban sa ƙwaro da hayar mangaza ba. In bai tashi ba, kusan rabin takwas da rabin da na ce naka ne sun tafi, sai ka fara cin na ƙannenka. Ta wannan hanyar ce mai ƙarancin kuɗin hannu ke komawa karyayye na gaske.

Sanusi Tasawa: Waken a wane buhu yake? In ba mai leda biyu a ciki ba ne, irin na PICS, ka buɗe na ƙasa ka duba. Ni bara sai da na ji yana ƙara da dare, rabin kuɗi na sayar.

Ɗan Mokoyo: An sa magani, lafiya lau yake. Malam na gode, amma ku lissafin takarda kuke yi, kasuwa daban take. Baba bai taɓa sayar da wake da sanyi ba. Zan kira na Dawanau gobe, ko rabi ya turo an rage.

Hajiya Rabi mai atamfa: Ƙannen naka sun san da zancen bankin nan?

Malam Isuhu Kontabul: Rabin huɗu biyu ne, ba huɗu da rabi ba. Ayar mutumin nan yaushe ka ce za ka kai masa?

Lawali Direba: In za ka fitar da buhu 400 ɗin ka neme ni, ina da hanyar Jibiya ranar Lahadi.