Taya abokin karatu murnar kammalawa: abin da malamai suka ce

Malaman da suka tattauna yadda za a rubuta wa abokin karatu saƙon murna ƙarƙashin hotonsa na kammalawa sun yarda cewa "Ina taya murna, Allah Ya sanya albarka" ba laifi ba ne, amma idan mutum hamsin suka rubuta shi ƙarƙashin hoto ɗaya, mai hoton ba zai tuna naka ba.

Shawararsu: jimla uku ta isa. Kira shi da sunan da kuka saba a aji, ka ambaci abu ɗaya da ka gani da idonka, sannan addu'a a kan abin da ke gabansa. Misali, ga wadda ta gama karatun jinya: "Hajiyar aji, na tuna yadda kike fitowa daga aikin dare a asibiti ki wuce lacca ba barci. Allah Ya sa hannunki ya zama waraka."

Sun ja kunne kan ambaton darasin da mutum ya maimaita, ko tambayar sakamakonsa, domin iyaye da dangi suna karantawa. "Saura aure" kuwa ta raba kawuna: wasu sun ce raha ce, malamai mata suka ce tana rage armashin wahalar shekaru, a bar ta sai an haɗu.