Hirarmu da kamfani ta ɓace daga manhaja, ya zan nemi kwafinta?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a, ina neman shawara. Na soke rajistata da wani kamfani da nake biya duk wata ta intanet. A hirar da muka yi a manhajarsu ma'aikacin ya ce an soke kuma za a mayar mini da kuɗi, na kuma kira waya aka sake tabbatar mini. Yanzu suna ci gaba da cirar kuɗi, sun ce ba su ga inda na soke ba, hirar kuma ta ɓace daga wajena. Na danna maɓallin sauke bayanai, abin da ya zo sunana ne da tarihin biya kawai. An ce doka ta ba ni damar neman duk abin da suka ajiye. Ta ina zan fara?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. GDPR ake nufi, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, kuma wata ɗaya ta ba su su amsa. Sai dai ta 'yan Turai ce, in ba ki da takardar zama ɗan ƙasa a can ba za su saurare ki ba. Ki yi haƙuri, ki bi ta bankinki kawai.

Anti Lauya: Baban Sadiq, wata ɗayan daidai ne, amma batun zama ɗan ƙasa ba haka yake ba. GDPR ba ta duba fasfo. Sashe na 3 abu biyu yake dubawa: ko kamfanin yana da mazauni a Tarayyar Turai kuma ta nan yake sarrafa bayanan, ko kuma yana sayar da hidimarsa ga mutanen da ke cikin Tarayyar. In na farkon ne, ko a ina kike zaune haƙƙin ya hau kansu. Maman Ilham, ki buɗe shafin manufar sirri na kamfanin, ki nemi inda aka rubuta sunan wanda ke da alhakin bayananki da adireshinsa. Ki faɗa mana ƙasar, sai mu san dokar da za mu riƙe. Wasu ƙasashen ma suna da tasu: Birtaniya tana da irin wannan haƙƙi da wa'adin wata ɗaya, Najeriya tana da shi a sashe na 34 na dokar kare bayanai ta 2023, Kalifoniya kuma kwana 45 take bayarwa.

Maman Ilham: Na duba, Anti. An rubuta reshensu na Ireland ne ke da alhakin, akwai kuma adireshin imel da ya fara da dpo@.

Anti Lauya: Alhamdulillahi, to GDPR ce, kuma wannan adireshin na jami'in kare bayanansu ne. Can za ki aika. Doka ba ta hana ki nema ta sashen kula da abokan hulɗa ba, amma a can saƙo yakan kwanta a matsayin ƙorafin kuɗi, ba wanda zai lura cewa agogon doka ya fara tafiya.

Maɓallin da kika danna bai cike haƙƙinki ba. Irin wannan maɓalli yana kwaso abin da ke cikin asusunki ne, alhali hirar kula da abokan hulɗa sau da yawa tana zaune a wata manhaja daban da kamfanin ya yi hayarta, sautin kira kuma a wata ta uku. Ɓacewarta daga wayarki ba ya nufin ta ɓace daga wajensu. Sashe na 15 ya ba ki kwafin bayanan da suka shafe ki duk inda suke, har waɗanda wani kamfani ke riƙe musu.

Shi ya sa nake so ki kira kowane abu da sunansa. A kan saƙon ki rubuta `Data subject access request (Article 15 GDPR)` don ya faɗa hannun da ya dace. A ciki, da harshen da kuka saba mu'amala, ki ba da sunanki, lambar asusu, da imel da lambar wayar da kika yi rajista da su. Sannan ki ce kina neman kwafin duk bayananki, musamman cikakken rubutun hirar da aka yi a manhaja daga rana kaza zuwa rana kaza, maganarki da amsarsu, da lokacin kowane saƙo. Sautin kiran da kika yi rana kaza daga lamba kaza. Da bayanan da ma'aikata suka rubuta a kan asusunki bayan hirar da kiran. Kalmar "musamman" tana da aiki a nan, domin tana nuna musu inda za su fara tono ba tare da kin yafe sauran ba.

Wannan na ƙarshen, wato rubutun ma'aikata, mutane sukan manta da shi, kuma a irin matsalarki yana iya fin hirar amfani. Bayan kowane kira ma'aikaci yakan bar layi ɗaya ko biyu, kamar "ta nemi sokewa, an tura wa sashen kuɗi". Kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar Nowak a 2017 cewa ra'ayi ko sharhin da wani ya rubuta game da mutum yana iya zama bayanan wannan mutumin.

Ki ƙara layi biyu. Na farko, su faɗa miki tsawon lokacin da suke ajiye hira da sautin kira, da sunayen kamfanonin da suka miƙa wa bayananki. Na biyu, wanda ya fi gaggawa, kada su goge komai har su gama amsa miki, domin kina buƙatarsa a kan taƙaddamar da ke tsakaninku. Sautin kira yakan fi komai saurin gogewa a tsarin kamfanoni, kuma abin da aka riga aka goge bisa tsarinsu na yau da kullum kafin buƙatarki ta iso, doka ba ta tilasta musu su ƙirƙiro shi. Ki aika yau, ƙanwata, kada ki jira sai kun gama rigimar kuɗin.

Ƙanin Kowa: Ni fa na taɓa gwadawa a WhatsApp, na danna Request account info, ko saƙo ɗaya ban gani ba. Duk yaudara ce, ba sa ba kowa hirarsa.

Mai Gyaran Kwamfuta: Ƙanina, naka daban ne. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayarka zuwa ta wanda ka aika wa, kamfanin ba ya iya karanta su, kuma da zarar sun isa ba ya ajiye su. Ba zai ba ka abin da ba ya hannunsa ba. Hirarka a wayarka take, Export chat za ka danna a cikin hirar. Ita Maman Ilham da kamfanin kansa ta yi magana, su ne ɗaya ɓangaren hirar.

Baban Sadiq: Na karɓi gyara, Anti. Amma ba za su ce sai ta biya ba, ko su ce ai don ta kai su ƙara take nema?

Anti Lauya: Kwafin farko kyauta ne. Sai buƙatar da ta wuce gona da iri, kamar mai maimaita ta ba ƙaƙƙautawa, za su iya caja ko su ƙi, kuma su ne za su kawo hujja. Ba ta kuma buƙatar faɗin dalili. A 2023 Kotun Tarayyar Turai ta duba shari'ar wani mutum a Jamus da ya nemi fayil ɗinsa daga likitar haƙori don yana zargin an yi masa kuskure, ta ce a ba shi kyauta, niyyarsa ta ƙara ba ta rage masa haƙƙi ba.

Ga yadda za ki ƙirga, Maman Ilham. In saƙon ya isa ranar 3 ga Maris, wa'adin ya cika 3 ga Afrilu. Suna iya ƙara wata biyu in aikin yana da sarƙaƙiya, amma dole su sanar da ke kafin watan farko ya ƙare, tare da dalili. Hira ɗaya da kira ɗaya ba sarƙaƙiya ba ce a ganina. In sun nemi shaidar cewa ke ce, suna da dama idan akwai shakka ta gaskiya, amma aikawa daga imel ɗin da kika yi rajista da shi yakan rage wannan jan lokaci. In sun dage sai katin shaida, ki tambaye su me suke son tabbatarwa, ki rufe abin da bai shafi hakan ba.

Hajiya Babba: Ni na bi duk wannan da wani kamfani, suka aiko mini da fayil. Da na buɗe, maganata ce kaɗai a jere, an cire duk amsoshin ma'aikacin, wai bayanan wani ne. Sautin kiran ma ba su bayar ba, rubutaccen taƙaitawa suka turo. Har yanzu abin yana ci mini rai, domin alƙawarin a bakinsa yake, ba a nawa ba.

Anti Lauya: Hajiya, sun fake ne da sakin layi na 4 na sashe na 15, wanda ya ce kwafin kada ya cutar da haƙƙin wasu. Wannan zai iya ba su damar rufe sunan ma'aikacin, amma ban ga yadda zai kai ga share abin da ya faɗa miki game da asusunki ba. A watan Mayu na 2023, a shari'ar CRIF, kotun ta ce kwafi yana nufin a ba mutum bayanansa daidai yadda suke kuma yadda zai fahimce su, har da sassan takardu in sai da su zai iya amfani da haƙƙinsa. Rabin hira ba ya fahimtuwa. Ki sake rubuta musu da wannan hujja.

Sautin ne ake ja-in-ja a kai. Muryarki bayananki ce, babu musu, amma muryar ma'aikacin tana ciki, don haka wasu kamfanoni suna ba da rubutun kalma-kalma a madadinsa. Taƙaitawa dai ba kwafi ba ce. Ki nemi sautin, in sun ƙi, su ba ki cikakken rubutu su kuma rubuta dalilin ƙin.

Mai Gyaran Kwamfuta: Ni ban yarda da rubutu a madadin sauti ba, Anti. Na'ura ce ke juya shi sau da yawa, kuma ta fi yin kuskure a lambobi da ranaku, waɗanda su ne ake rigima a kai. Maman Ilham, in fayil ya zo, ko PDF ne ko JSON, ki gwada shi da abin da ke hannunki: tarihin kira a wayarki zai nuna rana da tsawon kiran, imel ɗin da suke turowa bayan hira yakan ɗauki lambar tikiti. In kina da lambar da babu ita a fayil ɗin, kin kama giɓi. Lokutan na iya zuwa da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, kada bambancin awa ya ruɗe ki. Kuma kada ki rufe asusun ko ki nemi a goge bayananki yanzu, za ki share shaidarki da hannunki.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na aika, na ajiye hoton saƙon da ranarsa. In wata ya cika shiru fa? Kuma in suka ce sautin ya riga ya goge?

Anti Lauya: Ki tura tunatarwa ɗaya mai ɗauke da ranar buƙatarki, ki ba su mako guda. In shirun ya ci gaba, sashe na 77 ya ba ki damar kai ƙorafi kyauta ga hukumar kare bayanai, a nan Data Protection Commission ta Ireland, ki haɗa da saƙonki da duk amsar da suka bayar. Ki sani hukumar tana iya ɗaukar watanni, kuma batun bayanai take dubawa, ba mayar da kuɗi ba, don haka ki buɗe ƙorafi a bankinki a lokaci guda kamar yadda Baban Sadiq ya ce. In kuma suka ce ya goge, ki nemi su rubuta ranar da aka goge shi da wa'adin ajiyar da suka dogara da shi, ki gwada da ranar da saƙonki ya isa. In bayan isarsa ne aka goge, ki sa wannan a sahun farko na ƙorafinki.