Iddar mai shayarwa: wata uku ne ko sai an ga jini?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Mijina ya yi min saki ɗaya ina goyon ɗan wata huɗu, kuma tun da na gama biƙi ban ga al'ada ba. Yanzu wata uku ya cika, ya ce idda ta ƙare, ya daina aiko da cefane, kuma in bar masa ɗakin hayar. Haka ne?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Idda ai wata uku ce. Ki yi haƙuri ki koma gidanku, amma ciyar da yaron yana wuyansa.

Malama Hadiza: Malam, a maganar yaron ka yi daidai, amma wata uku na wadda ta daina haila ne saboda tsufa da wadda ba ta taɓa yi ba, kamar yadda ya zo a aya ta 4 cikin Suratuɗ Ɗalaƙ. 'Yar'uwa, ke mai haila ce, shayarwa ce ta ɗauke miki jinin. Iddarki tsarki uku ce a mazhabar Malikiyya, kuma za ki jira jinin ko da zai kai ki yaye.

Ga yadda ake ƙirgawa. Tsarkin da aka sake ki a cikinsa shi ne na farko, duk tsawonsa. A ce jini ya dawo yaron yana da wata goma sha huɗu: ranar da kika gan shi, tsarki na farko ya cika. Jini na biyu ya rufe na biyu. Da zarar na uku ya zo, idda ta ƙare a ranar, ba sai kin yi wanka ba. Wato kusan wata biyu daga dawowar jinin, kimanin shekara guda kenan da sakin. Ki lura, sai an sami aƙalla kwana goma sha biyar na tsarki tsakanin jini da jini kafin a ƙirga su biyu. Idan kuwa kin yaye jini bai zo ba, sai ki ƙirga shekara daga yayen, wata tara na tabbatar babu ciki, uku na idda.

A Muwaɗɗa akwai irin wannan: wani sahabi mai suna Habban ya saki matarsa tana shayarwa, shekara ta wuce ba ta yi haila ba, ya rasu, Sayyidina Usman ya ba ta gado.

Umman Twins: To ba a ce wata huɗu da kwana goma ba ne?

Malama Hadiza: Wannan takaba ce, Hajiya. Sai dai da zai rasu tana cikin wannan iddar, takabar za ta koma, ta kuma gaje shi.

Baba Magatakarda: 'Yata, tunda saki ɗaya ne na kome, ci da sha da sutura da wurin kwana duk suna kansa har idda ta cika. Aya ta farko ta wannan surar ta hana shi fitar da ke, ta hana ki fita. Kada ki kwashe kaya da kanki. Nan mata suke yin asara: ta yi fushi ta tafi gida, a gaban alƙali miji ya ce ita ta fita ba da izninsa ba, ciyarwar ta shiga gardama. Idan ya matsa, ki kira waliyyinki da shaidu biyu su ji daga bakinsa cewa shi ya ce ki fita.

Ki adana takardar sakin, ki rubuta ranar da ya yanke cefane da abin da ya saba bayarwa. In dubu biyu ce kullum, wata ɗaya dubu sittin kenan, kuma bashi ne a kansa matuƙar yana da hali. A fara da iyaye da mai unguwa, in kina Kano akwai Hisbah, in abin ya ƙi sai kotun shari'a. Maganar jini kuwa ke ake gaskatawa, don haka ki ji tsoron Allah, kada ki ɓoye shi in ya zo.

Abban Sadik: Shekara guda yana ciyar da wadda ya saka, kuma in yana da mata huɗu da ita ba zai iya ƙara aure ba? Akwai nauyi.

Baba Magatakarda: Akwai, amma shi ma duk tsawon lokacin yana iya mayar da ita ba sabon sadaki. Littattafan Malikiyya sun ba shi damar karɓar yaron a ba wata ta shayar don jini ya dawo da wuri, da sharaɗin yaron ba zai cutu ba. Ɗan wata bakwai da ya saba da nonon uwarsa, ban ga alƙalin da zai yarda da sauƙi ba.

Anti Nas: Maman Hanif, kina allurar tazarar haihuwa? Ta wata uku tana ɗauke al'ada, wani lokaci har watanni bayan an daina. Sannan ki yi gwajin ciki, mai goyo tana iya ɗauka ba ta ga jini ba. In akwai ciki, iddarki haihuwa ce.

Malama Hadiza: Batun allura na ji malaman zamani sun saɓa, wasu sun ce ta jira jini, wasu sun ce shekara. In tana yi, ta faɗa wa alƙali tun farko.