Tambaya a kan gawar da ke tashi sama a wasana

Assalamu alaikum. Ina haɗa wasan kwamfuta da Unity a nan Kaduna, kuma kwana uku ke nan ina fama da matsalar Ragdoll. Na fahimci cewa idan ɗan wasa ya mutu, kowace gaɓarsa tana zama Rigidbody mai Collider, sannan CharacterJoint yana riƙe su tare. Amma da zarar na kashe Animator, sai gawar ta yi tsalle sama kamar an harbe ta da danƙo, musamman idan ta faɗi a jikin bango. Ina zargin hannun yana shigewa cikin bangon, injin kuma yana fitar da shi da ƙarfin da ya wuce kima, har ya fizgi sauran jikin. Na rage Max Depenetration Velocity, tsallen ya ragu amma bai daina ba. Don Allah, shin bambancin nauyin ƙugu da na hannu, 15 da 1, zai iya jawo wannan?