Cajin wayata yana gudu zuwa 80, daga nan sai jan ƙafa, wani lokacin kuma ya yi tsalle

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wayata mai batir 5000mAh ce, ta kai shekara biyu da rabi a hannuna. In na sa caji, kafin awa guda ta kai 80, amma daga nan zuwa 100 sai ta ci kusan wata awar. Kwanan nan kuma sai in ga tana 86, in juya in dawo in tarar da 100. Da na cire, minti kaɗan ta sauko 93. Batirin ne ya mutu ko caja zan canza?

Ɗan Tasha: Wa'alaikumus salam. Hajiya cajarki ce jabu. Ki nemi ta asali, magana ta ƙare.

Injiniya: Ɗan Tasha, da caja ce matsalar ai tun daga farko za a ga jinkirin, ba sai an kai 80 ba. Hajiya, abu biyu kika kawo, ɗaya lafiya ne, ɗayan kuma alamar tsufa ce.

Jinkirin ƙarshen haka aka gina batirin. Daga ƙasa har zuwa wajen 70 ko 80, wayar tana tura wuta da ƙarfi ɗaya ba ragi, ƙarfin batirin kuma, wato voltage ɗinsa, yana ta hawa. Amma akwai iyakar da ba a yarda ya wuce ba, a yawancin wayoyin yanzu wajen 4.4V ne, a tsofaffi 4.2V. Da ya taɓa wannan iyaka sai wayar ta riƙe shi a nan, ta shiga rage wutar da ke shiga kaɗan-kaɗan. Kamar cika jarka ce a famfo: kina buɗe shi duka har ruwa ya kusa wuya, daga nan dole ki rage. Bambancin kawai, jarka zuba take yi, batir kuwa in aka matsa masa a nan lalacewa yake, har ya kumbura.

Mu yi lissafi da naki. Kashi ɗaya cikin ɗari na 5000mAh shi ne 50mAh. A ce 3A ke shiga batirin a matakin farko, wato 3000mA. To kowane kashi ɗaya minti guda zai ɗauka. Can kusa da ƙarshe, lokacin da wutar ta ragu zuwa 500mA, kashi ɗayan nan dai minti shida yake ci. In ta sauko 250mA, minti goma sha biyu. Shi ya sa 97, 98, 99 suke kamar ba sa motsi. Ko cajar da ta fi kowacce tsada kika sayo ba za ta gyara wannan ba, domin a matakin nan ba caja ke da iko ba, wayar ce ke cewa iya abin da zan karɓa ke nan.

Baban Sadiq: Ni ma irin matsalata ce. Tawa tana 20 sai ta ɗauke ɗif, musamman in na buɗe kyamara. Wane magani?

Mai Gyara: Baban Sadiq, taka wajen sauka ce, ta Hajiya wajen hawa, amma uwa ɗaya ta haife su. Bari in ɗora a kan maganar Injiniya da abin da nake gani a shago.

Mutane sun ɗauka wayar tana leƙa cikin batirin ne ta ga abin da ya rage. Ba ta gani. Ƙiyasi take yi: tana ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, tana kuma duba ƙarfin batirin. To batirin Hajiya a takarda 5000 ne, amma bayan shekara biyu da rabi a ce 4300 yake iya ɗauka. In lissafin wayar bai bi tsufan ba, za ta ƙirga 4300 cikin 5000, wato 86. A daidai nan batirin ya daina karɓar wuta, abin da ke kula da caji ya ce an cika, sai lambar ta tsallake zuwa 100. Ba wani caji aka samu a minti biyu ba, gyaran lissafi ne.

Saukowa 93 da an cire kuwa, tsohon batir wuta ba ta ratsa shi da sauƙi. Yayin da ake tura masa wuta sai ƙarfinsa ya nuna sama da gaskiya, kamar kumfar lemo a kofi. An cire caja, kumfa ta kwanta, gaskiya ta fito. Naka Baban Sadiq akasin haka ne: kyamara ta ja wuta da yawa, ƙarfin ya faɗi ƙasa da abin da wayar za ta iya aiki da shi, sai ta kashe kanta alhali lamba tana cewa 20.

Ɗan Tasha: To ai shi ya sa nake cewa a riƙa barin waya ta mutu ɗungurungum kafin a sa caji, a lokacin batir ke ƙara ƙarfi.

Injiniya: Rabin maganar gaskiya ce. In Hajiya ta bar wayar ta sauka har ta kashe kanta sau ɗaya, sannan ta cika ta ba tare da cirewa ba, ta ƙara mata kamar awa guda bayan ta nuna 100, lissafin yakan daidaita, tsallen ya ragu. Amma batirin bai ƙara komai ba, 4300 ɗin nan tana nan. Maida shi ɗabi'a kuma tsufar da shi yake yi. Kun lura wayar da ta daɗe a mace, in an sa ta caji takan yi mintuna ba ta nuna komai? In ƙarfin batir ya faɗi ƙasa da wajen 3V, da 'yar wuta kaɗan ake fara lallaɓa shi kafin a buɗe masa sosai.

Anti Malama: Ni tawa a 80 cif take tsayawa, ba ta gaba. Na kusa kai ta gyara, ashe saiti ne. A iPhone sunansa Optimized Battery Charging, tana koyon lokacin da kike cire caji ta jira a 80. Samsung ma suna da nasu na kare batir. Maman Ummi ki duba.

Mai Gyara: Haka ne Anti, sai dai saiti ba ya sa tsalle. Kuma ba duk tsayawa a 80 ce saiti ba. A watan Afrilu da Mayu, ga zafin gari, ga riga a jikin waya, ga mutum yana kallon bidiyo tana caji, wayar da kanta take rage wuta ko ta dakata har ta huce.

Anti Malama: Ni dai ko da sanyin Janairu haka take min, da na kashe saitin ta wuce.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Na duba, ban ga irin wannan saitin a tawa ba. To in canza batirin ke nan? Nefa ba ta daɗewa a unguwarmu, abin da ya fi damuna ke nan.

Mai Gyara: Kada ki yi gaggawa, Hajiya. Ki gwada abin da Injiniya ya ce sau ɗaya, sannan ki lura kwana uku. In tsallen ya tafi kuma caji yana kai ki yamma, ki ci gaba da amfani. In kin ga jinkirin ya fara tun daga 60, ko tana ɗaukewa a 15 ko 20, batirin ya gaji. In kuwa bayan wayar ya fara ɗagawa ko gilas yana ɓallewa ta gefe, ki daina sa ta caji ranar, ki kai a cire shi.

Batun Nefa kuma, ki sa ta da zarar an kawo wuta, ki cire mata riga, ki ajiye ta ba taɓawa. Minti arba'in na farko sun fi awa guda ta ƙarshe ba ki caji.

Injiniya: Na yarda da duka, sai dai ni da tsallen kashi 14 da tuni na fara tara kuɗin sabon batir.

Mai Gyara: Ta gwada tukuna mu ji. Na ga waɗanda suka yi irin wannan tsallen suka daidaita bayan cika ɗaya.