Baƙo zai zo daga Indiya, me zan sa a wasiƙar gayyata?

Sani: Salamu alaikum jama'a. Muna da injin casar shinkafa a Sharaɗa, ni da Yaya muka haɗa jari, amma da sunansa aka yi rajistar kamfanin. Waɗanda suka sayar mana da injin za su turo mutuminsu daga Indiya mu tattauna sabon oda, ya kuma gyara mana wani sashe. Sun ce in tura imel na gayyata don biza. Na rubuta cewa zai zo ziyarar kasuwanci ta ɗan lokaci. Ya isa?

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Bai isa ba, Malam Sani. Saƙon imel zalla ba ya aiki. Ka buga wasiƙar da Turanci a takarda mai tambarin kamfani da lambar rajistarsa ta RC, darakta ya sa hannu, ka mayar da ita PDF, ka haɗa da satifiket ɗin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sunan baƙon ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo, da lambar fasfon da muƙaminsa. "Ɗan lokaci" kuwa ka goge shi. Ka sa ranar sauka da ranar tashi, misali 3 zuwa 12 ga Maris, su dace da tikitinsa na komawa, sannan sunan otal da adireshinsa. Kuɗi ma a fayyace: kamfaninsu ya biya jirgi, ku masauki da abinci da mota. Kada ka manta da jimlar nan:
`accepts full immigration responsibility`
Ma'anarta in ya wuce wa'adi, ku hukumar shige da fice za ta nema.

Hajiya Rabi: Ni dai kada ka rubuta ka ɗauki dukkan ɗawainiya. Nawa baƙon ya ƙara mako guda, otal ɗin ya kawo mini lissafin har da na wanki.

Musa Ɗan Dawanau: Duk wahalar me? Ya zo kawai a buga masa biza a filin jirgi.

Alhaji Bala: An daina wannan tun Mayun 2025, Musa, yanzu ta intanet ake nema kafin a taso. Abin da ya fi damuna maganar gyaran ce. Bizar kasuwanci ta taro ce da ƙulla ciniki. Wanda zai riƙe sifana ya kwance inji, TWP ake nema masa, izinin aiki na wucin gadi, kuma hanyarsa daban.

Sani: Alhaji, gyaran fa bai fi na wuni ɗaya ba, ba sai na ambace shi a wasiƙar ba. Kuma Yaya yana Umara, ni zan sa hannu.

Alhaji Bala: In jami'ai suka same shi da hannu cikin inji, wasiƙarka za su ɗauko su karanta maka. Sunanka yana cikin daraktoci a CAC?

Sani: Ba ya ciki, amma kowa a Sharaɗa ya san ni ke tafiyar da wurin.