Inuwar ƙasan ido a hoton tsakar rana: rifilekta zan saya ko filasha?

Sani Mai Hoto: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ranar Asabar an ba ni aikin walimar sauka a wani ƙauye gaba da Ringim, yara 14, kowa za a ɗauke shi shi kaɗai da allonsa. Malam ya ce daga ƙarfe 12 zuwa kiran Azahar, kuma a filin makaranta, inda babu inuwa sai darbejiya ɗaya, ita ma manyan baƙi za a shimfiɗa wa tabarma a gindinta. Bara na yi irin wannan aikin, idanun yaran suka fito kamar ramuka biyu, ga inuwar hanci ta sauko har leɓe. Kyamarata Canon 600D ce, kuɗin hannuna naira 20,000, mataimakina ƙanena ne ɗan shekara 12. Rifilekta zan saya, faifan nan mai maido da haske kan fuska, ko in nemi filasha ta hannu?

Abba Dijital: Ka ce a mayar da shi bayan La'asar kawai, ko da sassafe. Ba a hoto da tsakar rana.

Sani Mai Hoto: Yaya Abba, ni ne zan ce wa Malam da dagaci su sauya lokacin walima saboda inuwar hanci?

Anti Balaraba: Ni dai a cikin gida nake ɗaukar mata, kuma bakin ƙofar ɗaki nake tsayar da su, taku ɗaya daga inda rana ta ƙare, suna fuskantar tsakar gida. Hasken da ƙasa ke maidowa shi ke cika fuskar, lumui. In akwai zaure kusa, gwada haka. Darbejiyar kuwa kada ka yi baƙin cikin rasa ta, ganyenta ba ya tare rana duka, sai ka ga fuska ta yi dabbare-dabbare.

Ɗanjuma Gumel: Ƙanena, ka guji filasha. Ni ta kusa raba ni da sana'a. An ɗaura aure a wani gari, ƙarfe 1, ango da abokansa duk farar shadda. Na ɗora sabuwar filashar da wani mai shago ya rantse mini za ta kashe kowace inuwa. Rana ta hana ni ganin sikirin sosai, na yi ta dannawa. Da na koma gida na duba, inna lillahi! Babu aikin wuyan riga, babu layin hula, kowa fari fat kamar an watsa masa gari. Hoto sama da 80, babu na wankewa. Ango ya riƙe cikon kuɗina, yayansa ya bi gari yana cewa na ɓata musu ranar da ba ta dawowa. Sai da na yi wata huɗu ba a kira ni ko suna ba. Mai shagon kuma ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa.

Malam Idi Tsohon Hannu: Ɗanjuma, Allah ya mayar da alheri, amma a nawa ka bar f ɗinka, wato faɗin ƙofar da haske ke shiga kyamara, ranar?

Ɗanjuma Gumel: f/4, Malam, don baya ya dushe.

Malam Idi Tsohon Hannu: To ba filasha ce ta ƙona hotonka ba, rana ce. A f/4 da tsakar rana shata, wato murfin da ke buɗewa ya rufe in an danna, tana bukatar gudu kamar 1/1600 na daƙiƙa. Da ka kunna filasha sai kyamara ta ja ta ta dawo 1/200, don irin waɗannan kyamarorin ba sa wuce nan da filasha ta gama-gari. Haske ya shiga ninki takwas ke nan.

Sani, tun kafin ka kashe ko kwabo, ka ɗaga ƙaramar filashar da ke kan kyamararka. Sa M, wato saitin hannu, ISO 100, shata 1/200, f/11. Wannan shi ne daidai da rana tsaka, farin kaya ba zai ƙone ba. Ka tsaya kamar mita 2 daga yaro, ka ɗauke shi daga ƙugu zuwa sama. A wannan tazarar ƙarfinta bai kai na rana ba, kuma abin da ake so ke nan: ta rage duhun ramin ido, ba ta share inuwar gaba ɗaya ba. In ka ja baya ka wuce mita 3, kusan ba ta yin komai. Yadda za ka gane ta yi yawa, goshi da kan hanci za su yi ƙyalli kuma fuskar ta baje, sai ka rage ta zuwa -1. Kuma ka riƙa lulluɓa da hirami kana duba sikirin bayan kowane yaro biyu.

Abba Dijital: Malam, wannan ai lissafin zamanin fim ne. Yanzu ka ɗauka kawai, ka ja Shadows sama a Lightroom, an gama.

Malam Idi Tsohon Hannu: Jan zai haska ramin, amma layin inuwar hancin yana nan da kaifinsa, kuma in JPEG ne fatar wajen takan koma toka-toka. A RAW ya fi sauƙi. Rana dai ba ta san fim ko kati ba.

Abba Dijital: Ni aikina ake gani a waya kullum. Waɗanda suka daina fita fili su bar mu mu yi magana.

Anti Balaraba: Abba, ka ji tsoron Allah, sa'an babanka ne. Kuma yanzu ya gano ciwon Ɗanjuma da tambaya ɗaya.

Habu Ɗambatta: Ni rifilekta na saya, mai fuska biyar, babbar, naira 13,000 a Sabon Gari. Kuskurena na farko ɓangaren azurfa na haska wa mutane daga ƙasa. Hawaye suka riƙa yi, kowa ya runtse, inuwar hanci kuma ta juye sama kamar mai riƙe da fitila a haɓa. Ashe amfanin yana ciki: in ka zuge murfin, akwai farin yadi shara-shara. Shi za a riƙe a saman kai, kamar kamu ɗaya, ya tace ranar. Sai dai ƙanenka gajere ne, sai ya hau benci, kuma in iska ta taso za ka tsince shi a Taura.

Ɗanjuma Gumel: 13,000 a wace shekara? Watan jiya 24,000 aka ce mini, ƙaramar ma.

Habu Ɗambatta: Kai dai masu shago sun gane ka.

Anti Balaraba: Farin zanin gado da sanda biyu ma yana yin aikin nan, samari biyu su riƙe. Amma fari tas, in mai shuɗin bula ne launin zai sauka a fuska.

Malam Idi Tsohon Hannu: Haka ne, Hajiya. Sai a tuna yadin yana rage hasken da ke kan yaron, bayansa kuwa yana nan cikin rana. In ka buɗe don fuska, bayan zai yi fari, saboda haka ka nemi bango mai duhu a bayansa. Juya wa rana baya kuma a ƙarshen Afrilun nan ba ya taimako, don tana bisa kai sak. Da Disamba ne, da take karkata kudu, sai ka sa yaro ya kalli arewa.

Abba Dijital: Duk wahalar nan, a ƙarshe uwar yaro za ta ce me ya sa ɗanta ya fito baƙi, a ƙara masa haske.

Ɗanjuma Gumel: Wallahi! Wata ta dawo mini da hoto sau uku, sai da 'yarta ta koma kamar Balarabiya ta biya. Ga masu waya da ke tsayawa a kafaɗarka, kai ka gyara yaro, su su ɗauka, sannan a ce ba a bukatar naka.

Habu Ɗambatta: Shi ya sa ni rabin kuɗi a hannu kafin in tayar da babur. Sani, nawa ma ka yi musu kan kowane yaro?

Sani Mai Hoto: Ba mu yanke ba tukuna, malamin makarantar ya ce aikin Allah ne. Amma ga wata: maza shida da rawani za su zo, inuwarsa har kan gira. Yadin zai isa, ko sai na haɗa da ƙaramar filashar?

Ɗanjuma Gumel: Ba ku yanke ba? Sani, bar zancen rawani tukuna.